Yadda Ake Ninka Ƙaramin Tarin Hotuna Ba Tare da Hotunan Gwaji Sun Yoyo Cikin Na Horo Ba

Wanda yake son horar da samfurin da zai gane abin da ke cikin hoto, amma hotunan da ke hannunsa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, abu na farko da za a ce masa shi ne ya ninka su: ya juya wasu, ya karkata wasu, ya yanke gefen wasu, ya rage ko ya ƙara haske, domin samfurin ya ga kowane hoto ta fuskoki da yawa. Shawarar daidai ce, sai dai tana da sharaɗi guda wanda idan aka keta shi duk sakamakon da za a samu daga baya ba abin dogaro ba ne. Sharaɗin shi ne a raba hotuna kashi-kashi kafin a taɓa ko ɗaya daga cikinsu, kuma rabon ya bi asalin abin da aka ɗauka, kada ya bi sunan fayil. Duk matakan da ke biye hanyoyi ne na kiyaye wannan sharaɗi da tabbatar da cewa an kiyaye shi.

Za mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. A ce ɗalibi ya zaga gonakin masara guda 12 da wayarsa, ya zaɓi tushen masara 120, goma a kowace gona, ya ɗauki hoton ganyen kowane tushe sau biyar, ya tashi da hotuna 600. Aji uku yake son samfurin ya bambanta: ganye lafiyayye, ganyen da tsutsa ta ci, da ganyen da cutar tsatsa ta kama. Waɗannan alƙaluma na misali ne, amma irinsu ne ake cin karo da su a aikin kammala karatu ko ƙaramin bincike.

Inda yoyon yake shigowa

Mu ɗauka ɗalibin ya fara da ninkawa. Daga kowane hoto ya fitar da sababbi tara, ya haɗa da na asali suka zama goma, tarin ya koma hotuna 6,000 a folda ɗaya. Daga nan ya sa kwamfuta ta cakuɗa su ta ware kashi 20 cikin ɗari don gwaji. Yanzu a ɗauki hoto ɗaya daga cikin na gwaji a tambaya ina 'yan'uwansa tara suke. Kowannensu yana da damar kashi 80 cikin ɗari ta faɗawa kason horo, don haka yiwuwar a ce dukkansu tara sun kauce wa kason horo ita ce `0.2^9`, wato kusan ɗaya cikin miliyan biyu. Ma'ana, kusan babu hoton gwaji ko ɗaya da samfurin bai riga ya ga kwafinsa a juye ko a karkace ba. Idan ya ci kashi 99 cikin ɗari, abin da aka auna shi ne iya haddarsa, tamkar ɗalibin da aka nuna wa takardar jarrabawa tun daren jiya aka sauya masa jerin tambayoyin kawai.

Wannan kuskure sananne ne, kuma da yawa sun iya kauce masa. Wanda ya fi ɓoyuwa shi ne na biyu. Ko da ɗalibin bai ninka komai ba, ya raba hotunan asali 600 ɗin kai tsaye ta hanyar cakuɗawa, kowane hoto yana da 'yan'uwa huɗu da aka ɗauka daga tushe ɗaya, a minti ɗaya, da haske ɗaya da ƙasa ɗaya a bayansa. Yiwuwar dukkan huɗun su kauce wa kason horo ita ce `0.2^4`, ɗaya cikin 625. Yoyon bai ragu da wani abin kirki ba, kamarar ce kawai ta yi ninkawar tun a gona.

Manyan tarin hotuna ma sun fuskanci wannan. Tarin hotunan ƙirji na ChestX-ray14 yana ɗauke da hotuna 112,120 daga marasa lafiya 30,805, wato mutum ɗaya yana iya samun hotuna da dama, shi ya sa rabon da ake yarda da shi a kansa yake bin majiyyaci. Masu binciken da suka yi aiki da tarin PlantVillage a 2016, mai hotunan ganye 54,306, sun yi amfani da bayanin da ke nuna hotunan da suka fito daga ganye ɗaya, domin su ajiye su a ɓangare guda lokacin rabo. A 2020 kuma Björn Barz da Joachim Denzler sun nuna cewa kashi 3.3 cikin ɗari na hotunan gwajin CIFAR-10 da kashi 10 cikin ɗari na CIFAR-100 suna da kwafi ko makusancin kwafi a cikin na horo. Idan haka ta faru da tarin da dubban masu bincike suka yi shekaru suna amfani da shi, foldar da aka haɗa daga wayoyi uku ta fi buƙatar a duba ta.

Mataki na farko: rajista kafin komai

Kafin a rubuta layin horo ko ɗaya, a ajiye hotunan asali a folda guda wadda ba za a sake rubuta komai a cikinta ba, sannan a buɗe rajista, fayil na `csv` mai layi ɗaya ga kowane hoto. Ginshiƙai huɗu sun isa a misalinmu: `fayil`, `aji`, `tushe` da `gona`. Ginshiƙin `tushe` shi ne ginshiƙin da aikin duka ya rataya a kansa, kuma lokacin da ya fi sauƙin cike shi shi ne ranar ɗaukar hoto. Dabara mai araha ita ce a rubuta lambar tushe a 'yar takarda, a ɗauki hoton takardar ita kaɗai kafin a fara ɗaukar ganyen, yadda jerin hotunan da ke wayar zai nuna inda kowane tushe ya fara da inda ya ƙare. Kada dai takardar ta fito a cikin hoton ganyen kansa, don samfurin yana iya kama ta ya yi hukunci da ita.

Idan an riga an ɗauki hotunan ba tare da lamba ba, lokacin ɗauka da kamara ke ajiyewa a bayanan EXIF yana taimakawa, domin hotunan da tazarar 'yan daƙiƙoƙi ke tsakaninsu galibi na tushe ɗaya ne. Amma hoton da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto yakan iso an matse shi, kuma an cire masa waɗannan bayanai. Duk wanda zai karɓi hotuna daga malaman gona ko abokan aiki, ya roƙe su su turo su a matsayin fayil, ko ya kwafe su kai tsaye daga wayar.

Sai kuma tambayar da ke buƙatar tunani: da tushe za a raba, ko da gona? Amsar tana ga abin da ake son samfurin ya yi bayan an gama. Idan manufa ita ce ya yi aiki a gonar da bai taɓa gani ba, to gona ce ya kamata ta zama ƙungiyar rabo, saboda tushen da ke gona ɗaya sun haɗa iri, launin ƙasa, lokacin shuka, sau da yawa har da wayar da ta ɗauke su. A ra'ayina rabon gona ya fi gaskiya, kuma shi zan zaɓa duk lokacin da gonakin suka yi yawan da zai yiwu. Matsalarsa da gonaki 12 ita ce kason gwaji zai zama gona biyu ko uku kacal, kuma idan tsatsa ta taru a gonaki huɗu, ana iya tashi da kason da babu tsatsa a cikinsa ko kaɗan. Saboda haka a nan za mu raba da tushe, mu kuma ajiye ginshiƙin `gona` domin gwaji na biyu da zai zo daga baya.

Mataki na biyu: farautar kwafi

Lambar tushe tana kama 'yan'uwan da aka san da su. Akwai waɗanda ba a sani ba: hoton da aka kwafa sau biyu da suna daban, wanda aka turo ta waya ya dawo a matse, wanda wani ya yanke gefensa ya sake ajiyewa. Ana fara da tambarin `sha256` na kowane fayil, wanda ke kama kwafin da bai bambanta da asalinsa ko da ɗigo ba. Wannan ba ya wadatarwa, domin da zarar an sake matse hoto tambarinsa ya canza gaba ɗaya, alhali ido ba ya ganin bambanci.

Abin da ke kama irin waɗannan shi ne tambarin da ke bin kamannin hoto, kamar `phash` na kunshin `imagehash`. Yana rage hoton ya mayar da shi fari da baƙi, sannan ya fitar da tambari mai gurbi 64. Idan aka debe tambarin wani hoto daga na wani, ana samun yawan guraben da suka saɓa: sifili na nufin kusan hoto ɗaya ne, hotunan da ba su da alaƙa kuwa sukan saɓa a wajen rabin guraben. Rauninsa shi ne ba ya gane hoton da aka juya ko aka kifar, don haka sai a lissafa tambarin kowane hoto a siffofinsa takwas.

```python
from PIL import Image, ImageOps
import imagehash

def tambura(hanya):
    h = ImageOps.exif_transpose(Image.open(hanya)).convert("RGB")
    s = [h.rotate(d, expand=True) for d in (0, 90, 180, 270)]
    s += [ImageOps.mirror(x) for x in s]
    return [imagehash.phash(x) for x in s]

def tazara(a, b):
    return min(x - b[0] for x in a)
```

Hotuna 600 suna ba da tagwaye 179,700, aikin da kwamfutar cinya ke gamawa ba tare da wahala ba. A jera tagwayen daga mafi ƙarancin tazara, a fara da waɗanda tazararsu ba ta wuce 8 ba, a buɗe su gefe da gefe a duba da ido. Lambar 8 mafari ce kawai. Hotunan ganye suna kama da juna ƙwarai, don haka a ci gaba da dubawa sama da ita har sai an ga tagwayen da ke fitowa sun daina zama abu ɗaya. Kwafin da ya zama daidai da asalinsa a cire shi daga rajista. Makusancin kwafi kuwa ba sai an zubar da shi ba, tunda a ƙaramin tari kowane hoto yana da daraja: a ba su lambar `tushe` ɗaya, rabo zai tafi da su tare. Idan hoto na ɗaya ya yi kama da na biyu, na biyu kuma da na uku, dukkansu ukun ƙungiya ɗaya ce ko da na ɗaya da na uku sun ɗan yi nisa. Wani lokaci a nan ne ake gano hoto ɗaya da aka sa wa aji biyu mabambanta, sai a gyara tun da wuri.

Wannan mataki ya fi zama dole idan an ƙara hotunan da aka sauko da su daga intanet. Tarin da ake rabawa kyauta da yawa an riga an ninka su kafin a ɗora, wasu ma an ninka su kafin a raba su zuwa `train` da `test`. Alamominsu ba sa ɓuya ga mai lura: sunayen fayil masu gaba iri ɗaya da wutsiya daban, baƙaƙen kusurwoyi da karkatar da hoto ke bari, da azuzuwan da yawan hotunansu ya zo daidai cif. Idan an ga haka, a watsar da rabon da tarin ya zo da shi, a haɗa komai, a fitar da ƙungiyoyi daga sunaye da tambura, a sake rabawa.

Mataki na uku: rabo, sau ɗaya, a rubuce

Kaso uku ake buƙata. Na horo shi ne samfurin ke koyo daga gare shi. Na tantancewa shi ne ake dubawa yayin aiki don zaɓar irin ninkawa, yawan zagaye da sauran saituna. Na gwaji kuwa ana rufe shi har sai an gama komai. `StratifiedGroupKFold` na `scikit-learn` yana yin abubuwa biyu a lokaci guda: ba ya raba ƙungiya, kuma yana ƙoƙarin daidaita rabon azuzuwa a kowane kaso.

```python
import pandas as pd
from sklearn.model_selection import StratifiedGroupKFold as SGK

df = pd.read_csv("rajista.csv")
df["kaso"] = "horo"
saura, g = next(SGK(5, shuffle=True, random_state=7)
                .split(df, df.aji, df.tushe))
df.loc[g, "kaso"] = "gwaji"
s = df.iloc[saura]
_, t = next(SGK(4, shuffle=True, random_state=7)
            .split(s, s.aji, s.tushe))
df.loc[s.index[t], "kaso"] = "tantancewa"
assert df.groupby("tushe").kaso.nunique().max() == 1
df.to_csv("rabo.csv", index=False)
```

Rabon farko ya cire ɗaya bisa biyar, kimanin tushe 24 masu hotuna 120, don gwaji. Na biyu ya cire ɗaya bisa huɗu na sauran 96, wato wasu 24, don tantancewa. Abin da ya rage na horo shi ne tushe 72 masu hotuna 360. Layin `assert` yana tsayar da aikin idan aka samu tushe ɗaya a kaso biyu, kuma yana da kyau a kwafe shi a farkon fayil ɗin horo ma, ya riƙa gudana kullum. Bayan haka a duba `pd.crosstab(df.kaso, df.aji)` don a ga kowane aji ya samu wakilci a kowane kaso.

Daga yanzu `rabo.csv` shi ne hukunci, kuma ba a sake gudanar da rabon. Dalilin yana bayyana ranar da aka samu ƙarin hotuna. Idan aka zuba sababbin tushe 30 a rajista aka sake rabawa, ko da `random_state` bai canza ba, rabon zai fito daban, tushen da jiya suke kason horo yau su koma na gwaji. Wanda ya ci gaba da horo daga samfurin jiya ya shigar da yoyo ba tare da ya kwafi fayil ko ɗaya ba. Hanyar da ta dace ita ce a raba sababbin tushen su kaɗai a liƙa su a ƙasan fayil ɗin, sabon hoton tsohon tushe kuma ya bi tushensa duk inda yake.

Mataki na huɗu: ninkawa, a kason horo kaɗai

Hanya mafi aminci ita ce kada a ajiye hoton da aka ninka a faifai ko kaɗan. A bar ninkawar ta faru lokacin da ake ɗauko hoto don horo, yadda a kowane zagaye samfurin zai ga sabuwar siffar kowane hoto daga cikin 360 ɗin. Kwafin da ba a ajiye ba, babu yadda za a yi ya ɓace ya faɗa wata folda. Da `torchvision` ana rubuta jeri biyu daban:

```python
from torchvision import transforms as T
N = T.Normalize([0.485, 0.456, 0.406], [0.229, 0.224, 0.225])

na_horo = T.Compose([
    T.RandomResizedCrop(224, scale=(0.6, 1.0)),
    T.RandomHorizontalFlip(), T.RandomRotation(20),
    T.ColorJitter(0.2, 0.2, 0.1, 0.02),
    T.ToTensor(), N])
na_gwaji = T.Compose([
    T.Resize(256), T.CenterCrop(224), T.ToTensor(), N])
```

Jerin na biyu babu zaɓen canki-canka a cikinsa, don haka hoto ɗaya yana fitowa iri ɗaya kullum, kuma shi ake amfani da shi ga kason tantancewa da na gwaji. Lambobin jerin farko suna da dalilai. Idan aka bar `RandomResizedCrop` a saitinsa na asali yana iya yanko ɗan yanki da bai wuce kashi 8 cikin ɗari na hoton ba, kuma a ganyen da tsutsa ta huda a gefe guda, irin wannan yanka yakan fito da lafiyayyen ɓangare ɗauke da sunan mai cuta. Shi ya sa aka ɗaga ƙasan zuwa 0.6. Lambar ƙarshe a `ColorJitter` ita ce ke sauya launi kansa, an bar ta ƙarama ƙwarai saboda launin ruwan ƙasa na tsatsa shi ne alamar da ake nema. Kifar da hoto hagu zuwa dama ba ya cutar da ganye, amma a hoton ƙirji yana mayar da zuciya ɓangaren da ba nata ba, a rubutu kuma yana lalata harafi. Kafin a fara horo a fitar da siffofi ashirin ko talatin na hoto ɗaya a jera su a allo. Idan malamin gona zai kalli ɗaya ya ce ba zai iya faɗin ajinsa ba, ninkawar ta yi yawa.

Lambobin da ke cikin `Normalize` na tarin ImageNet ne, kuma su ake amfani da su idan an fara daga samfurin da aka riga aka horar a kansa, wanda shi ne abin da ya dace da hotuna 360. Wanda ya fi son lissafa nasa, ya lissafa daga kason horo kaɗai ya yi amfani da su a sauran biyun.

Akwai tarko biyu a kayan aikin da aka fi amfani da su. A PyTorch, `random_split` yana mayar da sassa biyu da suke leƙa tari guda. Wanda ya rubuta `horo.dataset.transform = na_horo` sannan `gwaji.dataset.transform = na_gwaji` ya sauya abu ɗaya sau biyu, na ƙarshe ne zai zauna, sai ko dai horo ya tafi babu ninkawa, ko gwaji ya tafi da ita. Maganin shi ne a gina `Dataset` uku masu zaman kansu, kowanne daga layukansa na `rabo.csv`. A Keras kuma, idan aka kira `image_dataset_from_directory` sau biyu da `validation_split`, ɗaya don horo ɗaya don tantancewa, amma aka ba su `seed` daban, kowane kira zai cakuɗa fayilolin ta hanyarsa, sassan biyu su shiga juna. Ko da `seed` ɗin ya zo ɗaya, rabon na fayil ne, bai san tushe ba. Duka biyun ba su dace da tari irin namu ba.

Idan dole ne a ajiye hotunan da aka ninka, misali saboda kwamfutar ba ta da ƙarfin yin aikin a kowane zagaye, a karanta layukan `horo` kaɗai, a rubuta sakamakon a folda dabam, kuma kowane sabon fayil ya ɗauki sunan uwarsa, kamar `t041_3_n07.jpg`, wato tushe na 41, hoto na 3, ninki na 7. Da irin wannan suna ana iya tabbatarwa da layi ɗaya cewa babu ɗan da uwarsa take wajen kason horo.

Ƙa'idar ta shafi duk wani abu da ke haifar da hoto daga hoto. Idan ajin tsatsa ya yi ƙaranci aka so a maimaita hotunansa don ya kamo sauran, bayan rabo ake yi, a kason horo, a bar kason gwaji da rabonsa na gaskiya. Dabarun gauraya hotuna biyu irin su MixUp da CutMix, duka hotunan biyu daga kason horo za su fito. Idan babban hoto aka yayyanka ƙanana, ko aka ciro hotuna daga bidiyo, babban hoton ko bidiyon shi ne ƙungiya. Idan kuma za a horar da wani samfuri ya ƙirƙiro sababbin hotunan ganye, shi ma kada ya ga komai sai kason horo, in ba haka ba zai ɗauko kamannin hotunan gwaji ya zuba su cikin abin da ya ƙirƙira. Abu ɗaya da yake kama da yoyo amma ba shi ba ne shi ne juya hoton gwaji ta fuskoki kaɗan lokacin hasashe a ɗauki matsakaicin amsoshin. Wannan halal ne, tunda samfurin ba ya koyon komai a lokacin, muddin an lissafa amsa ɗaya ga kowane hoton asali.

Mataki na biyar: yadda ake gane ko an yi yoyo

Alamar farko ita ce sakamakon da ya yi kyau fiye da kima, da wuri fiye da kima. Samfurin da ya kai kashi 98 ko 99 a kason tantancewa cikin zagaye biyu ko uku, daga hotunan waya 360 da aka ɗauka a gona, abin tuhuma ne kafin ya zama abin murna. Sai dai a kula: makin tantancewa ya ɗan fi na horo ba hujja ba ce ita kaɗai, domin hotunan horo an wahalar da su da yanka da karkatarwa, na tantancewa kuwa suna nan garau.

Gwajin da ya fi bayyana gaskiya ba ya buƙatar horo. Ga kowane hoton tantancewa, a nemo hoton horo da tambarin `phash` ɗinsa ya fi kusa, a ba shi ajin wannan maƙwabcin, a lissafa maki. Tambarin bai san cuta ba, tsarin haske da duhu kawai yake gani, don haka a rabo mai tsabta makinsa bai kamata ya yi nisa da na canki-canka ba, wajen ɗaya bisa uku idan azuzuwan uku sun yi kusan daidai. Idan ya yi sama sosai, ko dai akwai 'yan'uwa a ɓangarorin biyu, ko kuma bayan hoton yana tona ajin. Ana iya maimaita wannan da siffofin da samfurin ImageNet ke fitarwa daga hoto, waɗanda suka fi `phash` jure yanka da sauyin kusurwa. A nan ba makin ake kallo ba, tagwaye ashirin mafi kusanci ake buɗewa a duba ko ganye ɗaya ne. Wannan duban kamanni ya halatta a yi shi da kason gwaji ma, tunda ba a zaɓar wani saiti da shi.

Gwaji na biyu shi ne wanda aka ajiye ginshiƙin `gona` dominsa. A ɗauki hotunan horo da na tantancewa, a horar da samfuri iri ɗaya sau uku, da rabon cakuɗa fayil, da rabon tushe, da rabon gona, a kwatanta. Tazarar da ke tsakanin na farko da na biyu ita ce girman yoyon da aka toshe. Tazarar da ke tsakanin na biyu da na uku tana nuna yawan abin da samfurin ya koya game da gonakin maimakon cutar. Idan duk hotunan tsatsa daga gonaki biyu masu jar ƙasa suka fito, samfurin yana iya koyon jar ƙasa, kuma babu ninkawar da za ta gyara wannan sai an koma an ɗauko tsatsa daga wasu gonakin. Masu aikin PlantVillage sun ga irin wannan tazara: samfurin da ya ci kashi 99.35 a kason gwajinsu ya sauko wajen kashi 31 a hotunan da aka ɗauka a wani yanayi dabam, duk da sun kiyaye rabon ganye.

Mataki na shida: buɗe kason gwaji

Yoyo na ƙarshe ta hannun mai aikin yake bi. Wanda ya gwada ninkawa iri goma sha biyar, yana duba makin gwaji bayan kowace, sannan ya zaɓi wadda ta fi, ya daidaita samfurinsa da waɗannan hotuna 120 ko da ba su taɓa shiga horo ba. Duk zaɓi a kason tantancewa ake yin sa. Idan tushe 24 sun yi kaɗan har makin yana tsalle daga gudu zuwa gudu, a haɗa horo da tantancewa, tushe 96, a zagaya da `StratifiedGroupKFold` mai kashi huɗu, kowane zagaye ana ninka ɓangaren horonsa kaɗai, a ɗauki matsakaici. Bayan an tsayar da saituna, ana iya horar da samfurin ƙarshe a kan duka tushe 96, sannan a buɗe kason gwaji sau ɗaya.

Wajen bayar da rahoto a faɗi girman kason da yadda aka raba shi. Maki kashi 85 a hotuna 120 yana da rashin tabbas na kusan maki 6 sama ko ƙasa idan hotunan ba su da alaƙa da juna, namu kuwa suna da ita, domin tushe 24 ne kawai. Tushe ɗaya da samfurin ya kasa ganewa yana iya tafiya da hotuna biyar, wato fiye da maki 4. Don haka idan za a lissafa iyakar rashin tabbas ta hanyar sake zaɓe da maimaici, tushe ake zaɓa da duk hotunansa, kuma bambancin maki biyu ko uku tsakanin ninkawa iri biyu bai isa a ce ɗaya ta fi ɗaya ba. A haɗa `rabo.csv` da rahoton, tare da makin kowane aji daban da yawan tushen da kowane aji ya samu a kason gwaji.